Na gama silaid ɗin nazarin abokan gogayya, MD ya ce memo yake so: ta ina zan fara?

"Salam Malam. Ina aiki a sashen kasuwanci na wani kamfanin casar shinkafa a Kano. Na haɗa silaid 34 a kan kamfanoni shida da muke gogayya da su, farashinsu, girman buhu, diloli, komai da komai. Da na gama bayani sai MD ya ce ya ji, amma shi bai ga abin da nake so ya yi ba, in je in rubuto masa memo mai ɗauke da zaɓi da shawara kafin Alhamis. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu na farko, ka rufe PowerPoint ɗin nan tukuna, kar ka buɗe shi sai ka rubuta jimla ɗaya a takarda, wato tambayar da MD zai amsa da eh ko a'a ranar Alhamis. Mafi yawan waɗanda aka ba irin wannan aikin abin da suke yi shi ne su bi silaid ɗaya bayan ɗaya suna mayar da shi sakin layi, sai a tashi da shafi goma sha biyu da ke faɗin abin da aka riga aka gani a bango, kuma oga ya sake cewa bai ga abin yi ba. Dalili kuwa, silaid ɗinka an jera su ne bisa kamfanoni, kamfani na ɗaya ga farashinsa ga ƙarfinsa ga rauninsa, sai na biyu, sai na uku. Shi memo bisa abin da ku za ku yi ake jera shi, kuma abokin gogayya ba ya shigowa sai a inda labarinsa zai canja lissafin wani zaɓi.

Kuma MD ɗinku bai fito da sabon abu ba. Tun 2004 Jeff Bezos ya hana amfani da PowerPoint a mitin ɗin manyan Amazon, ya ce a riƙa zuwa da rubutu mai cikakkun jimloli wanda daga baya ya tsaya a shafi shida, kowa ya zauna ya karanta shiru kafin a fara magana. Hujjarsa ita ce ɗigo-ɗigon silaid yana bari mutum ya jera abubuwa ba tare da ya faɗi wanne ya fi wanne ko wanne ya jawo wanne ba. A silaid za ka iya rubuta "farashi, inganci, diloli" ka wuce. A jimla dole ka ce "saboda" ko "amma", kuma nan ne ake gane ko ka yi tunanin ko ba ka yi ba. Kai ma ba ka buƙatar shafi shida, biyu sun isa, sauran su koma rataye a baya.

Nemo tambayar

Ka tambayi kanka me ya sa aka sa ka wannan nazarin tun farko, don ba a tashi haka kawai a ce a je a leƙo maƙwabta, akwai abin da ya yi ciwo. Zan ɗauki misali irin wanda ya fi yawa a harkarku, lambobin kuma na zagaye su ne don lissafi ya yi sauƙi, kai sai ka sa na kamfaninku. A ce kuna sayar da buhu 10,000 mai kilo 50 a wata a kan naira 60,000, kuma bayan an cire kuɗin shanshera da wuta da buhu da leburori ana samun ragowar naira 4,000 a kowane buhu, wato miliyan 40 a wata wanda daga ciki ake biyan albashi da haya da sauransu. Sai wani kamfani, mu kira shi Kamfani B, ya rage naira 2,000, cikin wata biyu cinikinku ya sauko buhu 8,500. Injinku kuma iyakarsa buhu 12,000 a wata.

To tambayar memo ba "yaya yanayin gasa yake a kasuwar shinkafa" ba ce, wannan ba ta da amsar eh ko a'a. Tambayar ita ce: shin mu rage farashi mu bi Kamfani B kafin ƙarshen wata, ko mu tare shi ta wata hanyar? Da zarar ka rubuta wannan sai ka buɗe silaid ɗin, ka bi su ɗaya ɗaya kana tambaya, in da abin da ke wannan silaid ɗin akasinsa ne gaskiya, shawarata za ta canja? In ba za ta canja ba, ya tafi rataye. A aikin da nake yi da kamfanoni, da wuya ka ga fiye da biyar ko shida sun tsira daga cikin talatin. Tarihin kafuwar kamfanoni, hoton tambarinsu, yawan mabiyansu a Facebook, teburin SWOT ɗin nan mai gida huɗu na ƙarfi da rauni da dama da barazana da kowa ke so, duk suna tafiya. Kamfanoni biyar daga cikin shidan ma wataƙila layi ɗaya za su samu, cewa ba su taɓa farashinsu ba, kuma wannan layin ɗaya ya fi silaid ashirin da ka yi musu amfani, don yana nuna cewa ba kasuwa ce gaba ɗaya ta sauka ba, mutum ɗaya ne ya motsa.

Kafin ka gina komai a kan lambobin da suka tsira, ka sake taɓa su. Farashin da ka rubuta wa Kamfani B na bakin kamfani ne ko na kasuwar Singa ne bayan dila ya ɗora nasa? Wanda ka kwatanta da naku a rana ɗaya aka ɗauko su? Ka sa an sayo buhunsu guda biyu ko uku daga shaguna daban daban a ɗora a sikeli, don in buhun kilo 48 ne ake kira hamsin, to a farashin naira 1,200 kowane kilo, kilo biyun nan naira 2,400 ne, ka ga ragin ya tashi a banza. Ka ɗebi gwangwani ɗaya ka baza a faranti ka ware karyayyar da lafiyayyar, ka yi haka da taku. In tasu karyayya ta fi yawa, to ba kaya ɗaya kuke sayarwa ba. A silaid lamba tana wucewa ba wanda ya tsaya, amma a memo kuɗi za a kashe a kanta.

Me ya sa ya rage?

Wannan ne sashen da silaid ba ya taɓa amsawa, kuma shi ne ya kamata ka fi daɗewa a kai, domin silaid yana faɗin abin da abokin gogayya ya yi ne, memo kuma yana buƙatar dalilin da ya sa ya yi da kuma tsawon lokacin da zai iya jurewa. Ragin naira 2,000 yana iya fitowa daga wurare uku da ba su yi kama da juna ba. Wataƙila ya sayi shanshera da yawa da kaka lokacin tana araha, a Kura ko Haɗeja ko Kebbi, ya cika sito, to wannan ragin yana da ranar ƙarewa, ranar da siton ya ƙare zai dawo kasuwa ya saya a farashin da kuke saya. Wataƙila kuma banki ne ya matsa masa yana neman kuɗi a hannu ko ta halin ƙaƙa, shi ma wannan ba ya daɗewa. Na ukun shi ne mai ban tsoro, a ce ya sa sabon inji da ke ba shi shinkafa fiye da taku daga tan ɗaya na shanshera, ko ya rage kuɗin wuta ta hanyar ƙona ɓuntu a tukunyar turara, to wannan ragin ya zauna kenan.

Ana iya bambancewa ba tare da an shiga ofishinsa ba. Wanda banki ya matsa wa ba ya ba da kaya bashi ko na kwana ɗaya, kuma za ka ji yana ƙara ragi ga wanda zai kwashi tirela biyu ya biya nan take. Wanda ke cin tsohon sito za ka ga wakilansa sun ɓace daga kasuwannin shanshera alhali injinsa yana aiki. Wanda ya samu sauƙin kuɗin sarrafawa kuwa yana sayen shanshera kamar kullum ko ma fiye, kuma yana neman sababbin diloli. Direbobin tirela da masu lodi da dillalan shanshera sun san wannan fiye da duk wani rahoto. A memo sai ka rubuta abin da ka gani da idonka daban, abin da dila ya faɗa maka daban, abin da kai ka ɗauka daban, ka ce "alamu biyu daga cikin uku suna nuna tsohon sito ne, in haka ne ragin zai ƙare kafin shansherar rani ta shigo". Kar ka cakuɗa su, don oga yana buƙatar sanin wanne zai taka da ƙarfi.

Zaɓuɓɓukan, da kuɗinsu

Zaɓi na farko kullum shi ne kar a yi komai, kuma dole ka sa masa lamba don shi ne ma'aunin sauran. A misalinmu, buhu 8,500 sau 4,000 miliyan 34 ne a wata, an rasa miliyan 6. In cinikin ya ci gaba da zamewa zuwa 7,500, miliyan 30.

Na biyu, a rage naira 2,000 a bi shi. Wannan shi ne wanda 'yan sashen sayarwa za su fi so, kuma lissafi layi biyu yake kashe shi. Ragin kashi uku da ɗoriya ne cikin ɗari na farashi, shi ya sa yake kama da ƙaramin abu, amma rabin ribar buhu ne cif. Ko duk kwastomomin sun dawo, buhu 10,000 sau 2,000 miliyan 20 ne. Kafin ku kamo miliyan 34 ɗin da kuke samu in kun zauna shiru sai kun sayar da buhu 17,000, injin kuma 12,000 yake iya yi. Ka rubuta shi a memo duk da haka, da gaskiyarsa, har da amfaninsa cewa zai riƙe diloli, don in ka ɓoye shi wani zai ɗago shi a mitin kuma a koma farko.

Na uku, a bar farashi yadda yake a ba manyan diloli kaya bashi na kwana 14. A ce diloli takwas ne ke ɗaukar buhu 6,000 a wata, kaya na miliyan 360. Bashin kwana 14 yana nufin kullum akwai wajen miliyan 168 naku a hannun mutane. Wannan kuɗin ba kyauta ba ne, tun da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024 bashin bankunan kasuwanci ya yi tsada sosai, to mu ɗauka kashi 30 a shekara, miliyan 4.2 kenan a wata. Ko ba ku cin bashin ruwa, kuɗin da za a sayi shanshera ne aka ɗaure, don haka yana da farashi. In duk buhu 1,500 da suka tafi sun dawo, miliyan 40 a cire 4.2 saura 35.8, ƙarin miliyan 1.8 kacal a kan zama shiru. Sai buhu 1,050 sun dawo kafin ma a mayar da kuɗin bashin. Sannan tirela ɗaya buhu 600 ce, miliyan 36, in dila ɗaya ya maƙale da tirela ɗaya ya cinye wannan ƙarin na wata ashirin. Ka ga zaɓin da a baki yake da daɗi, a takarda siriri ne, sai dai yana da amfani wajen hana zamewa zuwa 7,500.

Na huɗu, ƙaramin buhu mai kilo 10, wanda wataƙila yana kwance a silaid na ashirin da wani abu inda ka nuna cewa biyu ne kawai daga cikin shidan suke yi. A ce ana sayar da shi 13,000, guda biyar 65,000, ƙarin kuɗin leda da ɗinki da kai kaya 2,500, ribar kilo 50 ta zama 6,500. A nan kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka duk wanda ya sayi ƙaramin sabon kwastoma ne, alhali wasu masu sayen babban ne suka sauko. In aka sayar da kwatankwacin buhu 1,500 a wata kuma rabi sababbi ne, 750 sau 6,500 da 750 sau 2,500 sun ba da miliyan 6.75. Injin awo da ɗinki in ya ci miliyan 25, cikin wata huɗu ya dawo da kuɗinsa. Amma 1,500 ɗin nan zato ne, ba wanda ya taɓa gwadawa, kuma hanyar sayarwar daban ce, masu shago ne da manyan kantuna, ba dilan tirela ba. Don haka ka juya lissafin, ka ce nawa ne mafi ƙarancin da za mu sayar injin ya biya kansa cikin shekara? Kwatankwacin buhu 465 a wata. Oga ya fi iya yanke hukunci a kan "ka yarda za mu iya 465?" fiye da a kan alƙawarin 1,500.

Duk huɗun ka auna su da abubuwa iri ɗaya, kuɗin da zai shigo a wata, kuɗin da za a fitar yanzu, yaushe zai fara aiki, me Kamfani B zai yi in ya gani, da ko ana iya janyewa. Wannan ne kaɗai tebur da ya cancanci shiga cikin shafi biyun. Ma'auni na ƙarshen nan, wato ko ana iya janyewa, mutane suna raina shi. Bezos a wasiƙarsa ta 2015 ga masu hannun jari ya raba hukunci gida biyu, ƙofar da in ka shiga za ka iya fitowa da wadda ba ta da komowa. Rage farashi ya fi kusa da ta biyun, don ranar da kuka zo mayar da shi diloli za su ce kun yi ƙari, haka ma bashi, dilan da ya saba kwana 14 ba ya komawa biya nan take cikin daɗin rai. Gwajin ƙaramin buhu da sikeli da keken ɗinki na hannu kuwa in bai yi ba an naɗe an ajiye.

Ka kuma guji abin nan da ake yi, a kawo zaɓi uku, biyu na wauta don na tsakiya ya yi kyau. MD ɗin da ya daɗe a kasuwa zai gane, kuma daga ranar ya daina yarda da lissafinka.

Shawarar, da inda za ta zauna

Shawara a sakin layi na farko take zama, ba a ƙarshe ba, ko da a aikace ita ka gano a ƙarshe. Mu dai mun saba da shimfiɗa kafin a zo ga magana, musamman in ana rubuta wa na gaba, amma a nan girmamawar ita ce ka ba shi amsa kafin wayarsa ta yi ƙara. Ga yadda zan buɗe na misalinmu: "Ranka ya daɗe, ina ba da shawarar kar mu rage farashi. A maimakon haka a ba diloli uku da suka fi daɗewa da mu bashin kwana 7, kowa kar ya wuce tirela ɗaya, sannan a gwada buhu mai kilo 10 na sati shida a shaguna 20 ba tare da sayen inji ba. Iyakar kuɗinmu da zai kasance a waje miliyan 108 ne. Ina neman amincewarka ranar Alhamis don a fara ranar Litinin." Bayan wannan sai dalilai, sai bayanin abin da ya sa Kamfani B ya rage, sai zaɓuɓɓuka da teburinsu, sai wa zai yi me kuma yaushe, da sunan mutum ba sunan sashe ba.

Sakin layi na ƙarshe shi ne abin da zai sa a sake zama. Ka rubuta shi da lamba: in ciniki ya faɗi ƙasa da buhu 7,500, ko wasu kamfanoni biyu suka bi Kamfani B, ko shansherar rani ta shigo bai mayar da farashinsa ba, to zaton tsohon sito ya rushe, a dawo kan maganar farashi. Ka ƙara da abin da gwamnati ke iya yi, don a shinkafa wannan ya fi kowane abokin gogayya ƙarfi. Rufe iyakoki a watan Agustan 2019 ya ɗaga masu casa na gida, sanarwar janye haraji na kwana 150 a watan Yulin 2024 a kan wasu kayan abinci har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba kuma ta zo ta ɗaya ɓangaren. Labari irin wannan in ya fito, lissafin memo gaba ɗaya sai an sake shi.

Akwai inda wannan hanyar take da iyaka. Duk ta rataya ne a kan naira 4,000 ɗin nan, kuma a kamfanoni da yawa lambar da akawu zai ba ka ba ta haɗa da kuɗin dusa da karyayya da ake sayarwa daban ba, ko kuma an lissafa shanshera a farashin da aka saya wata huɗu baya, ba farashin da za a sake saye ba. In ribar buhu 7,000 ce ba 4,000 ba, rage farashi ya daina zama abin dariya, buhu 10,000 sau 5,000 miliyan 50 ne a kan 59.5 na zama shiru, har yanzu asara ce amma in injin ya cika 12,000 an kamo. Don haka ranar Laraba ka kai wa akawu da manajan masana'anta da shugaban masu sayarwa, kowa shi kaɗai, ka ce su nuna maka lambar da ba su yarda da ita ba. Wanda bai yarda da shawarar kanta ba, ka rubuta ra'ayinsa a layi biyu a cikin memo da sunan muƙaminsa, kuma ka tura wa MD da yammacin Larabar a PDF ta WhatsApp, ka kuma buga kwafi a takarda don ranar mitin.